Darasi na Bakwai: Kashe Ruwan Goro da Ruwan Ɗorawa a Gashin da Aka Yi wa Bilicin

Duk wadda ta taɓa sa hodar bilicin a baƙin gashi ta san ba ya komawa fari kai tsaye. Yana fara yin ja, ya koma ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa. Dalili shi ne sinadarin baƙi da ke cikin silin gashi yana saurin narkewa, amma na ja da na rawaya suna da taurin kai, su ne ke saura. Gashinmu na nan Katsina, da yawancin wig na gashin mutum da ake kawowa shago, baƙi ne wuluk, don haka a zama ɗaya yakan tsaya ne a ruwan goro. Maganin da ake shafawa bayan bilicin don danne wannan launi shi masu gyaran gashi ke kira tona.

Da'irar launuka

Ɗauki takarda ki zana da'ira, ki raba ta gida shida kamar yadda ake yanka kankana. Rubuta launukan bi da bi: ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi, shunayya. Yanzu ɗora yatsa a kan kowane launi ki tsallaka zuwa gidan da ke fuskantarsa. Ja na kallon kore, ruwan goro na kallon shuɗi, ruwan ɗorawa na kallon shunayya. Launuka biyu masu fuskantar juna idan suka haɗu sai su kashe juna, abin da zai fito ya zama ruwan ƙasa ko ruwan toka marar ƙyalli. Masu wanki sun daɗe da sanin wannan dabara: farar shadda idan ta fara dafewa, ɗan bula ake sa mata a ruwan ɗauraya.

Saboda haka ruwan goro maganinsa tona mai shuɗi, ruwan ɗorawa kuma tona mai shunayya. Idan kika musanya su za ki ga ba daidai ba. Shuɗi a kan ruwan ɗorawa kore yake bayarwa, domin haka ma ake haɗa kore tun asali. Shunayya a kan ruwan goro kuwa kusan asarar kuɗi ce: a cikinta akwai ja, kuma ba ta da nauyin da za ta danne goron.

Matakin haske

Sanin launi kaɗai bai isa ba, sai an san matakin da gashin ya kai. Kamfanonin rini suna jera haske daga 1 zuwa 10: lamba 1 baƙi ƙirin, lamba 10 mafi haske. Ruwan goro yana zaune a wajen mataki na 6 da na 7, mataki na 8 goro-goro ne ɗorawa-ɗorawa, na 9 ɗorawa sosai, na 10 kuma kamar cikin ɓawon ayaba. A jikin kwalin tona za ki ga lamba irin 7.1 ko 9.2. Ta kafin ɗigo mataki ce, ta bayansa launi. A kamfanoni da yawa 1 na nufin toka mai shuɗi, 2 kuma shunayya, amma akwai waɗanda shunayyarsu lamba 6 ce, wasu ma harafi suke sawa, kamar A ko V. Kada ki yi aiki da haddar wani kamfani a kan kwalin wani, duba takardar da ke ciki.

Abin da ya fi kayar da sababbin hannu shi ne zaton tona tana ƙara haske. Ba ta yi. Launi take ɗorawa kawai, kuma sai matakinta ya zo daidai da na gashin, ko ya fi shi duhu da mataki ɗaya, kafin ta yi tasiri. Tona mai lamba 10 launin cikinta kaɗan ne ƙwarai. Ki zuba ta a gashin mataki na 7 tamkar ki jefa ƙwayar sukari ɗaya ne a randa.

Misali daga shago

Wata mata ta kawo wig na gashin mutum wanda aka yi wa bilicin a gida. Daga sama zuwa tsakiya ruwan goro ne, jelar kuma, wajen tsawon yatsa, ruwan ɗorawa, domin nan aka fara shafawa kuma nan maganin ya fi daɗewa. Yarinyar shago ta ɗauko shamfu mai shunayya tana cewa, "Anti, in wanke da wannan?" Mai shago ta ce, "Fito da shi bakin ƙofa tukuna mu gani." A hasken rana ake duba launi, kuma sai gashin ya bushe; jiƙaƙƙen gashi ya fi nuna duhu, farin ƙwan lantarki kuma yana ɓoye goro. Da suka duba, sama mataki na 7, jela mataki na 9. Ke nan kwano biyu za a haɗa.

A kwanon roba na farko an auna giram 30 na 7.1 da giram 60 na ruwan haɗi, wanda ake kira dibelofa, mai lamba 10, wato mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari. Wannan awon ɗaya da biyu ne. Wasu tonar ɗaya da ɗaya suke so, takardarsu za ta faɗa. A kwano na biyu giram 15 na 9.2 da giram 30 na ruwan haɗin. Ba a amfani da kwanon ƙarfe, kuma a sa safar hannu. An wanke gashin da shamfu ba tare da man laushi ba, aka tsane shi da tawul ya rage danshi-danshi. Sai aka tsaga shi gida huɗu, aka bi wurin goron da buroshi da sauri. Bayan minti 10 aka shafa kwano na biyu a jela. Jelar da ta sha bilicin ɓawonta a buɗe yake, tana zuƙar launi kamar soso, idan aka fara da ita sai ta koma toka-toka ko ma shunayya. Duk bayan minti 5 a share sili kaɗan da tawul a duba. A minti na 20 goron ya kwanta, aka ɗauraye da ruwa mai ɗan sanyi, aka sa man laushi.

Abin da ya fito ruwan ƙasa ne mai haske a sama, jela kuma ruwan madara. Matar ta ce ita fari-fari mai toka ta gani a hoto. Mai shago ta ce, "Hajiya, wancan sai gashin ya kai mataki na 10, sai an sake bilicin. Yau ba zai ɗauka ba." Gwajin da ya nuna haka mai sauƙi ne: ja jiƙaƙƙen sili ɗaya, idan ya miƙe kamar cingam bai koma ba, gashin ya gaji.

Idan a kan mutum za a yi

A ɗiga ɗan maganin a bayan kunne awa 48 kafin ranar aiki. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko kumburi, a fasa. Tambayi mai kan abu biyu. Na farko lalle: jan lalle yana kama silin gashi kamkam, tona ba ta kashe shi yadda take kashe goron bilicin, wani lallen kanti kuma da gishirin ƙarfe a ciki wanda ke sa gashi ya yi zafi ya gutsuttsure idan ya haɗu da ruwan haɗi. Na biyu man miƙar da gashi, wato rilaksa. Gashin da ya sha shi ya riga ya yi rauni, sai an gwada a ɗan tsagi daga ƙeya kafin a taɓa sauran.

Tona tana kwana ne a kusa da ɓawon sili, saboda haka cikin mako 4 zuwa 6 za ta koɗe goron ya leƙo. Rana da ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishirin ƙarfe suna gaggauta hakan. A nan ne shamfu mai launi yake da amfani: mai shuɗi ga goro, mai shunayya ga ɗorawa, sau ɗaya a mako, a bar shi minti 3 zuwa 5 a wanke.

Aikin gida

Zana da'irar da hannunki ki manna ta kusa da madubin shago. Sannan ki rubuta amsa: an kawo miki gashi mataki na 9, aka shafa masa tona mai shuɗi, ya koma kore-kore. Me ya jawo haka, kuma wace tona ya kamata a ɗauka tun farko?