Dala talatin ce, ba ɗari da hamsin ba: kurakuran masu fassara talla

Wannan makon ma an kawo mini wata fassarar talla in duba, na tarar da ɓarnar da nake gani shekara da shekaru. Kamfani ya aiko da takarda shafi uku cikin Turancin Ingilishi, yaro ya zauna ya bi ta kalma bayan kalma, ya fito da abin da ko shi kansa ba zai iya faɗa wa kakansa da baki ba. Alhali kayan na dattawa ne, su ke riƙe da kuɗin gida.

Bari in fara da kuskuren da ya taɓa cin aljihuna. Wani kamfani mai sayar da fitilar sola ya ba ni aikin takardar talla da za a raba a Tawa da ƙauyukan Adar. Tsarin biyan ba shi da wuya: a ba da sefa 5.000 a ɗauki fitila, sannan a riƙa biyan sefa 150 kullum har kwana 200. Na zauna a nan Yamai na rubuta abin da idona ya gani: “dubu biyar da farko, sannan ɗari da hamsin a rana.” Aka buga takardu, aka ɗora a mota, aka raba. Bayan mako biyu mai shagon da ke wakiltarsu ya kira ni yana faɗa, wai mutane na zuwa suna duba fitilar suna ajiyewa, suna cewa ai wannan ta ƴan birni ce.

Sai da na je gida na karanta wa kawuna takardar na gane. Ya saurara ya ce, “Kai yaro, ɗari da hamsin kullum? Me mutum zai ci?” Na ce, “Kawu, ai ba ta kai kuɗin goronku ba.” Ya ce ashe ban san kuɗin goro ba. Shi da dala yake ƙirga, kamar kowa a kasuwa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Da ya ji ɗari da hamsin, dala 150 ya ji, wato sefa 750. Dubu biyar ɗina kuwa ta zame masa sefa 25.000. Na ninka farashin sau biyar da hannuna, ni da na tashi ina sayen ƙosan dala biyar. Takardar Turancin ce ta rufe mini ido, na manta yadda ake faɗin kuɗi a gidanmu. Rabin ladan aikin ya tafi wajen sake bugu.

Tun daga ranar, duk lambar kuɗin da na gani sai na raba ta da biyar kafin in rubuta komai. Sefa 150 dala talatin ce. Sefa 1.000 jika ɗaya ce, don haka 5.000 jika biyar. Ina rubuta kuɗin da kalmomi yadda ake faɗinsa, in sa lambar a gefe kamar yadda take a jikin kaya: dala talatin (150 F). Ina kuma haɗa jimillar in faɗe ta, ko da Turancin ya ɓoye ta a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe: jika talatin da biyar ke nan gaba ɗaya. Dattijo zai yi lissafin da kansa ko ba ka faɗa ba, in ya ga ka ɓoye sai ya ɗauke ka macuci. Haka batun rangwame. Takardar ta ce wanda ya biya lokaci ɗaya an rage masa kashi 20 cikin ɗari. Wa zai tsaya a kasuwa yana wannan lissafi? Ka ce: mai biya nan take an rage masa jika bakwai, ya ba da jika ashirin da takwas.

Na biyun shi ke ba ni haushi ƙwarai, domin rashin tarbiyya ne ya shigo cikin aiki. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ta wanda ake yi wa magana, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko taro, yaro ko tsoho. Sai mai fassara ya zuba “ka” daga sama har ƙasa: ka saya yau, ka yi sauri, kada ka bari ta wuce ka. Wa kake yi wa wannan tsawa? Mai shekara saba'in? A gidanku haka kake cewa mahaifinka? Ga shi kuma ka kori mata duka, alhali sau da yawa uwargida ce za ta fidda kuɗin adashinta ta saya. Ni “ku” nake sawa, ya ɗauki girmamawa ya kuma ɗauki kowa. Inda Turanci ya yi umarni, ina mai da shi gayyata: “ku zo ku gani da idonku”, ko “a tambayi mai shago ya kunna ta a gani.” Gaggawar nan ta yau-yau da tallan Turawa ke so, a kunnen dattijo alamar zamba ce. In da gaske rangwamen na da ranar ƙarewa, faɗi ranar ka yi shiru.

Sai tsawon. Shafin farko na takardar fitilar duk kirari ne: iyali suna murmushi, rayuwa ta sauya, gobe ta yi haske. Fassarar da aka kawo mini kwanan nan ta buɗe da “Ka yi tunanin wata duniya inda duhu ba ya riƙe mafarkanka.” Ku karanta wa tsohuwa wannan ku ga kallon da za ta yi muku. Abin da nake yi shi ne in karanta Turancin sau biyu, in kife takardar, in rubuta amsar tambayoyin da mai saye zai yi: mece ce, me take yi, nawa ce, ina ake samunta, in ta lalace wa za a nema. Daga nan in buɗe takardar in duba ko na tsallake wata gaskiya. Shafi uku kan dawo ɗaya. Mafarin da na sa wa fitilar shi ne: “Fitila ce da rana ke cajinta. Ba sayen batir, ba sayen kananzir. Tana haska ɗaki, tana cajin salula.” Sai dai ka sanar da kamfanin tun farko cewa za ka rage, domin wasu da ƙirgen kalma suke auna aiki.

Amma akwai abin da ba a yankewa. Turancin ya ce fitilar tana iya kaiwa awa takwas, a ƙaramin haske. In ka zubar da “iya kaiwa” ka rubuta “tana ci awa takwas”, ka yi alkawarin da kamfanin bai yi ba. Wani ma don daɗin baki sai ya sa “daga magariba har asuba”, alhali awa takwas daga ƙarfe bakwai a ƙarfe uku na dare take tsayawa. Wanda ya tashi alwala ya tarar da duhu, mai shago zai je ya tsare. Sharuɗɗan garanti ma haka, ɗaya bayan ɗaya ake juya su.

Ƙananan ba sai na daɗe a kansu ba. Kalmar Ingilishi guda na nufin kyauta tana kuma nufin ƴanci, na taɓa ganin “caji mai ƴanci”. Wata na nufin ceto da kuma tsimin kuɗi, har aka rubuta “ka ceci kuɗinka” kamar sun faɗa rijiya. Kada a ɗebo kalmomin jaridun Kano a jibge wa mutumin Buza ko Keita in yana da tasa. A bi mai ɗab'i a tabbatar ƙugiyoyin ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sun fito, don baki daban baƙi daban. A kuma sa manyan baƙaƙe, ido ya tsufa.

Yanzu ba na miƙa aiki sai na kira kawu na karanta masa ta salula. Inda ya ce “me ka ce?”, nan nake sa alama. In na gama sai in tambaye shi, “Kawu, nawa za ku biya?” Ranar da ya ce jika biyar, sannan dala talatin kullum, na aika da takardar wajen bugu.