Darasi: Gabatar da Kai a Gaban Kwamitin Tantancewa

Wanda ya nemi gurbin karatu ko tallafin karatu, sau da yawa akan kira shi ganawa da kwamiti. Bayan gaisuwa, yawanci za a ce: "To, faɗa mana ko kai wane ne." Takardunka suna gabansu, sun riga sun ga sunanka da sakamakonka. Abin da suke son ji shi ne abin da takarda ba ta iya faɗa, kuma minti ɗaya zuwa biyu ya ishe ka.

A nan ake tuntuɓe. Wani kunya ta kama shi, ya faɗi sunansa ya yi shiru, don ya san yabon kai jahilci ne. Wani kuma ya jero: "Ni mai ƙwazo ne, mai haƙuri, mai riƙon amana." Na farkon bai ba kwamiti abin riƙewa ba. Na biyun ya faɗi abin da kowa ke faɗa, kuma babu yadda za a tabbatar da shi.

Mafita ita ce ka bar yi wa kanka kirari, ka faɗi aikin da ka yi. Hukuncin ko kana da ƙwazo, ka bar wa masu sauraro.

Misali

Wata mata da ta koma makaranta bayan dogon lokaci tana neman tallafi don karatun aikin jinya. Da farko ta shirya cewa: "Ina da juriya, kuma ina son taimakon mutane." Da aka tambaye ta abin da ya nuna haka, sai ga magana ta fito. Ga abin da ta faɗa wa kwamiti:

"Ranku ya daɗe, sunana wance. Na bar makaranta shekara 8 saboda hidimar iyali, daga baya na koma ajin yamma na kammala. Shekara 2 ke nan ina aikin sa kai a wani ƙaramin asibiti. Mu huɗu ne a ɓangaren karɓar marasa lafiya, ni ce ke rubuta sunaye da ranar dawowa. Da na ga iyaye mata suna manta ranar rigakafin yara, sai na fara tuna musu ta waya. Amma ba ni da ilimin da zan duba mara lafiya, shi ya sa nake neman wannan karatu."

Ka lura, ba ta ambaci juriya ba, amma duk wanda ya ji ta ya ga juriyar. Tsayawar karatunta a jimla ɗaya ta faɗe ta, ba ɓoyewa, ba neman tausayi. Ta ce "mu huɗu ne", sannan ta ware nata rabon. Wannan wuri ne mai muhimmanci: idan ka ce "ni" a kan aikin jama'a, ka ci haƙƙin abokan aiki, idan kuma "mu" kawai kake cewa, kwamiti ba zai san hannunka a ciki ba. Ta kuma faɗi inda iyawarta ta tsaya, ta haɗa shi da dalilin zuwanta.

Kada ka ƙara gishiri. Idan wata 6 ka yi, kada ka mai da shi shekara. Kwamiti kan gwada maganarka da takardarka, kuma sukan bi da tambaya: "Yaya kika yi da waɗanda ba su da waya?" Wanda ya yi aikin yana da amsa a bakinsa.

Kada ya zama hadda

Ana gane mai hadda da wuri. Yana sauri, idonsa a sama yana laluben kalma, idan aka katse shi sai ya ruɗe ko ya koma farko. Don haka abubuwa uku kawai za ka riƙe a ka: daga ina ka taso da karatu, wane aiki ka yi, me kake so ka yi da wannan dama. Kalmomin su zo da kansu. Idan ka ɗan tsaya ka yi tunani, ba laifi ba ne.

Aikin yi

Rubuta hali ɗaya da ka san kana da shi. A ƙarƙashinsa rubuta aiki ɗaya da ya nuna shi: yaushe, da su wa, me ya biyo baya. Sai ka rufe littafin ka faɗa wa abokin karatunka sau uku, kowane karo da wasu kalmomi daban. A karo na uku ya katse ka da tambaya, ka amsa, ka ci gaba daga inda ka tsaya.