Yadda ake amfani da jadawalin Routh a gano iyakar K kafin na'ura ta fara lilo

Duk wanda ya taɓa saita kwantarola a masana'anta, ko a Sharaɗa ne ko Bompai ko Challawa, ya san abin da ke biyo bayan ƙara ƙarfin gyara. Idan ya yi kaɗan, moto yana jan ƙafa kafin ya isa inda aka tura shi. Idan aka ƙara sai ya yi sauri. Aka ci gaba da ƙarawa, sai ya riƙa wuce gurbinsa yana dawowa, har a kai matakin da kai-komon ba ya tsayawa, kullum sai faɗi yake ƙarawa. Wannan lambar da ake murɗawa ita ce K a lissafi, kuma ana iya gano iyakarta a kan takarda tun ba a taɓa na'urar ba. Hanyar ta samo asali daga Edward John Routh na Jami'ar Cambridge a 1877, sai Adolf Hurwitz ya fito da irinta ta wata fuska a 1895, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Amfaninta shi ne ba sai ka warware lissafin ka samo saiwoyinsa ba. Jadawalin zai gaya maka ko akwai saiwar da ta faɗa ɓangaren dama, wato wadda ke sa motsi ya riƙa girma a maimakon ya mutu.

Mu ɗauki moto mai juya bawul zuwa kusurwar da aka umarta, da na'urar auna kusurwa mai mayar da rahoto ga kwantarola. A ce lissafin kwantarola da moton a haɗe shi ne wannan:

```
G(s) = K / [ s(s + 2)(s + 6) ]
```

Ita s ɗin da ke tsaye ita kaɗai ta zo ne saboda kusurwa taruwar gudu ce. Ta (s + 2) tana wakiltar nauyin abin da ake juyawa, wanda ke ɗaukar rabin daƙiƙa kafin ya kai kusan kashi biyu cikin uku na amsarsa, ta (s + 6) kuma jinkirin ɓangaren lantarki ce. Guda uku ke nan, shi ya sa ake ce masa mai mataki uku.

Matakin farko shi ne a rufe zagayen, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe. Ba ƙasan G(s) kaɗai ake sakawa a jadawali ba. Abin da ake gwadawa shi ne 1 + G(s)H(s) = 0, inda H take lissafin na'urar aunawa. Idan H = 1 ce, sai ka buɗe bakunan ƙasa, ka tara musu abin da ke sama:

```
s(s + 2)(s + 6) + K = 0
s³ + 8s² + 12s + K = 0
```

Kafin ka zana komai, dubi lambobin da ke gaban kowace s: 1, 8, 12, K. Dole dukkansu su kasance sama da sifili, kuma kada ɗaya ta ɓace. Da ɗaya ta zo da alamar ɗebewa, to magana ta ƙare, tsarin ba zai natsu ba. Amma zamansu duka sama da sifili bai isa hujja ba idan mataki ya kai uku. A mai mataki biyu ya wadatar, a nan kuwa sai an bi jadawali.

Jadawalin layi huɗu ne, daga s³ zuwa s⁰. Layuka biyun farko kwafa kawai ake yi, ana tsallake ɗaya: lamba ta farko da ta uku a layin sama, ta biyu da ta huɗu a layin da ke bi masa. Layi na uku ne ke buƙatar lissafi. Ka ninka 8 da 12, ka ɗebe 1 sau K, ka raba da 8. Kula da wanda ke gaba a ɗebewar: ana farawa da lambar farko ta layi na biyu sau lambar ƙarshe ta layin sama. Idan ka juya su, alamar za ta juye, amsar duka ta lalace. Layi na huɗu kuwa K ce ke saukowa yadda take.

```
s³ |  1            12
s² |  8            K
s¹ |  (96 − K)/8   0
s⁰ |  K
```

Yanzu ka manta da komai ban da jerin farko na tsaye: 1, 8, (96 − K)/8, K. Ƙa'idar ita ce, sau nawa alama ta sauya yayin da kake gangarowa, to adadin saiwoyin da ke ɓangaren dama ke nan. Muna son kada ta sauya ko sau ɗaya. Na farko da na biyu ba su da matsala. Na uku yana buƙatar K ta gaza 96, na huɗu yana buƙatar K ta haura sifili. Iyakar ke nan: 0 < K < 96.

Gwada da lambobi don ka tabbatar. Da K = 48, jerin zai zama 1, 8, 6, 48, babu sauyi. Da K = 120 zai zama 1, 8, −3, 120. A nan mutane kan ƙirga sauyi ɗaya don sun ga alamar ɗebewa ɗaya, alhali biyu ne: daga 8 zuwa −3, sannan daga −3 zuwa 120. Saiwoyi biyu ne suka tsallaka tare, kuma haka ya kamata, domin saiwoyin da ke haddasa lilo tagwaye ne, ba sa tafiya ɗai-ɗai.

Wanda ya saba zai lura cewa a mataki uku duk aikin ya taƙaita a abu ɗaya: lambobi biyun tsakiya idan an ninka su, su fi na gefe biyu idan an ninka su. A nan 8 sau 12 ya fi 1 sau K. A ɗakin jarrabawa wannan yana ceton lokaci, amma ina ba da shawarar a zana jadawalin duk da haka, saboda abin da ke tafe.

Saka K = 96 daidai. Layin s¹ zai koma sifili gaba ɗaya, kuma wannan ba kuskure ba ne, jadawalin yana sanar da kai cewa akwai saiwoyi biyu zaune a kan iyaka. Hau layin da ke samansa, na s², ka gina lissafi da lambobinsa:

```
8s² + 96 = 0
s = ± j3.46
```

Wannan 3.46 saurin lilon ne, radiyan a daƙiƙa. Raba 2π da shi, za ka samu daƙiƙa 1.8. Ma'ana, idan moton ya kusa iyaka, bawul zai riƙa zuwa yana dawowa sau ɗaya a kusan kowace daƙiƙa 1.8. A ganina wannan lambar ta fi 96 ɗin amfani a bakin aiki, don ana iya auna ta da agogon waya. Idan na'urarka tana kai-komo a kusan wannan saurin, K ce ta yi yawa. Idan kuwa karkarwa take yi sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, to laifin ba na wannan lissafin ba ne, a duba giya mai wasa ko hayaniyar wayar na'urar aunawa. Mai kwamfuta zai iya tabbatarwa da layi ɗaya a MATLAB, ya ga −8 da tagwayen nan:

```
roots([1 8 12 96])
```

Iyakar ƙasa ba kullum take sifili ba. Ta zama sifili a nan ne saboda s ɗin nan mai zaman kanta. Da ƙasan (s + 1)(s + 2)(s + 3) ne, lissafin zai zama s³ + 6s² + 11s + (6 + K), iyakar kuma −6 < K < 60, tunda 66 dole ta fi 6 + K. Masu mantawa da wannan 6 ɗin su ne ke rubuta 66 a matsayin amsa. Haka nan idan na'urar aunawa rabin abin da ta gani take mayarwa, wato H = 0.5, to 0.5K ce ke shiga jadawalin misalinmu, iyakar sama ta koma 192.

To, wace K za a saka a zahiri? Jadawalin ya ce 90 tana cikin iyaka, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai a 90 tagwayen saiwoyin suna kusan −0.04, dab da layin iyaka, don haka lilon zai ɗauki kusan daƙiƙa 100 kafin ya lafa. Ba mai masana'antar da zai yarda da wannan. Akwai dabarar da ke sa jadawalin ya amsa tambaya mafi tsauri. A ce kana son komai ya lafa cikin kusan daƙiƙa 8. Bisa ƙiyasin da aka saba, wato a raba 4 da nisan saiwa daga iyaka a samu lokacin lafawa, dole kowace saiwa ta kasance hagu da −0.5. Sai ka maye gurbin s da z − 0.5, ka sake buɗewa:

```
z³ + 6.5z² + 4.75z + (K − 4.125) = 0
```

Ka bi ƙa'idar ɗazu. Ninka 6.5 da 4.75 ya ba da 30.875, wanda dole ya fi K − 4.125, ita ma kuma dole ta haura sifili. Sakamakon shi ne 4.125 < K < 35. Dubi yadda filin ya tsuke, daga 96 zuwa 35. Ko a 35 ɗin ma, bawul zai wuce gurbinsa da kusan rabin tazarar da aka tura shi kafin ya dawo, saboda haka ni ƙasa da nan sosai zan fara, in riƙa hawa a hankali ina kallon yadda yake amsawa. Idan ka gwada matsawa zuwa −1, lambar da ke gaban z za ta fito −1, kuma babu K a cikinta da za ta gyara ta. Murɗa K kaɗai ba zai kai ka can ba, sai an sauya fasalin kwantarolar.

Akwai wani dalilin kuma na nisantar iyaka: 96 ta dogara ne kacokan a kan 2 da 6 ɗin da muka ɗauka. Idan awon farko bai yi daidai ba, ashe 1.5 ce ba 2 ba, lissafin zai koma s³ + 7.5s² + 9s + K, iyakar ta faɗo 67.5. Wanda ya saita 80 yana ganin ya bar tazara, ya riga ya tsallaka. Kuma waɗannan lambobi ba sa zama wuri ɗaya. Juriyar wayar tagulla tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi, don haka moton da aka auna da sanyin safiyar hunturu ba shi ne wanda ke aiki da tsakar ranar Afrilu a Kano ba. Ƙurar hunturu ma tana sauya gogayyar giya.

Abu na ƙarshe da jadawalin ba ya gani shi ne jinkirin saƙo, kamar na kwantarolar dijital da ke karanta awo jefi-jefi, ko ruwan da sai ya bi dogon bututu kafin ya iso wurin aunawa. Irin wannan jinkiri ba ya shiga jadawali kai tsaye, sai an kimanta shi da lissafin Padé, wanda mafi sauƙinsa ke ɗaga mataki daga uku zuwa huɗu, kuma a tsari irin namu iyakar da za ta fito ƙasa take da 96. Idan jinkirin ya kai wani kaso mai kauri na daƙiƙa 1.8 ɗin nan, kada a yi amfani da jadawalin mataki uku, a sake gina lissafin da jinkirin a ciki.