Darasi na Bakwai: Gwada Saƙon Imel Iri Biyu Kafin Sallah

A ce kina sayar da shadda da atamfa, kuma kina da adireshin imel na kwastomomi 2,000 da suka yarda ki riƙa aika musu saƙo. Azumi ya kama, kina so ki sanar da su kayan Sallah sun iso. Kanun saƙo biyu sun zo miki a rai. Na farko: "Sabuwar shadda ta iso". Na biyu: "Ki sayi yadinki kafin tela ya daina karɓar ɗinki". Maimakon ki yi ta canki-canka, sai ki aika wa rabin mutane na farko, rabi na biyu, ki ga wanda ya fi jawo su. A manhajojin aika imel za ki ga an rubuta wannan gwaji da suna A/B test.

Abu ɗaya kawai za ki sauya. Idan kanu kike gwadawa, hoto da farashi da sauran rubutu su zama iri ɗaya, kuma saƙonnin su fita rana ɗaya, sa'a ɗaya. Idan wani ya fita da hantsi, wani gab da shan ruwa lokacin da kowa ke kicin, to lokaci kika gwada.

Rabon mutane ma ƙuri'a ake yi. Kada ki ɗauki sunaye 1,000 na sama ki ce su ne kashi na farko, domin yawanci tsofaffin kwastomomi ne a sama, kuma su ko me kika rubuta za su duba. A Excel, ki rubuta wannan a gefen kowane suna:

```
=RAND()
```

Ki jera sunayen bisa lambobin da suka fito, sannan ki raba biyu.

Wace lamba za ki duba?

Manhaja za ta fara nuna miki yawan waɗanda suka buɗe saƙo. Kada ki dogara da wannan lamba. Ana ƙirga buɗewa ne da wani ɗan mitsitsin hoto da ke ɓoye cikin saƙon. Da zarar waya ta sauko da shi, sai a rubuta an buɗe. Tun 2021 kamfanin Apple ya kawo tsarin da manhajar Mail ke sauko da hotunan da kanta, ko mai wayar bai taɓa saƙon ba. Ki ƙirga waɗanda suka danna mahaɗin da ke kai su shafin kayan, domin wannan ya fi kusa da ciniki.

Tun kafin ki aika, ki yanke tsawon jira, misali kwana biyu, ki tsaya a kai. Wanda ke gaba bayan sa'a ɗaya sau da yawa a baya yake ƙarewa, don masu saurin duba waya ba su ne kowa ba.

Karanta sakamako

Kwana biyu sun cika. Mutum 40 sun danna a saƙo na farko, 50 a na biyu. Na biyu ya ci ke nan? Tukuna. Ko saƙo iri ɗaya kika aika wa kashi biyun, da wuya lambobin su zo daidai. Wasu na kan hanya, wasu ba su da data a ranar. Tazarar mutum 10 sa'a kaɗai na iya kawo ta.

Ga awo mai sauƙi, idan kashi biyun yawansu ɗaya ne, kuma masu dannawa kaɗan ne a cikinsu. Ki haɗa lambobin biyu: 40 da 50, 90. A kalkuleta ki danna alamar √ a kan 90, za ki samu kusan 9.5. Ki ninka sau biyu, 19. Sai tazara ta wuce 19 za ki yarda da ita. Tamu 10 ce, saboda haka gwajin bai raba gardama ba. Wannan ba ya nufin kanun biyu ƙarfinsu ɗaya. Mutanen ne ba su kai yawan da zai nuna bambanci ƙarami ba.

A ce 40 da 70 aka samu, jimla 110 ce, √ ta ba da kusan 10.5, ninki biyu 21. Tazarar 30 ta wuce 21, don haka na biyu ya yi nasara. Amma nasarar ta lokacin Sallah ce. Maganar tela ta yi tasiri ne saboda mutane na tsoron a bar su babu ɗinki. Bayan Sallah wannan tsoro ya wuce. Ki rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata, ki adana shi don Babbar Sallah.

Aikin yi

An aika wa mutum 800 kowane saƙo. Na farko ya samu dannawa 28, na biyu 36. Ki lissafa tazarar da ake buƙata, sannan ki faɗa ko akwai wanda ya ci.