Shawara ga mai shirin yi wa ƙungiyar 'yan wasan waya jawabi a makaranta

Ga duk wanda aka gayyata ya yi wa ƙungiyar masu wasan waya jawabi, kamar yadda ake gayyatar malamai a makarantunmu na unguwannin Nima da Maamobi a Accra, shawarata ita ce ya fara da yadda wasan yake gudana, domin yaran da suka kafa ƙungiya saboda wasa ba za su saurari mai zagin abin da ya tara su ba.

Zagaye ɗaya na wasan Free Fire yakan ɗauki kamar minti 10 zuwa 15, kuma wanda ya fita a tsakiya ya bar abokansa cikin rashi, shi ya sa yaro yake cewa "bari in ƙarasa" idan an kira shi. Saboda haka mai jawabin ya koya musu ƙidayar zagaye, ba ta lokaci kaɗai ba. Ɗalibin da ya dawo gida da ƙarfe 3, ya ci abinci, ya tafi makarantar allo, yana iya gama aikin gida tsakanin Magariba da Isha'i, sannan ya buga zagaye uku, ya ajiye waya kafin ƙarfe 9. Idan wasan ya riga aikin, lissafin da ya rage sai an kwafe shi da safe daga littafin aboki, kuma malami yana ganewa, tunda kuskure iri ɗaya yake gani a littattafai biyu.

Kafin mai jawabin ya sauka, ya sa duk mai wayar Android ya buɗe Settings, ya shiga Digital Wellbeing, ya ga awannin da wasan ya ci jiya, sannan ya saita App timer da hannunsa. 'Yan aji uku masu fuskantar jarrabawar BECE su rage zagayen zuwa ɗaya a ranakun makaranta.