Kada ku zubar da tukar kofi, ku kai ta takin gida

Jama'a, tukar da ta rage bayan an tace kofi, ku kai ta cikin takin gida, kada ku juye ta kai tsaye a gindin shuka.

Tana da sinadarin naitirojin kusan kashi 2 cikin 100, amma sai ta ruɓe kafin saiwa ta amfana. Ga yadda nake yi: kwano ɗaya na tuka, kwano huɗu na busasshen ganye da ɓawon kayan miya, in cakuɗa. Kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na tulin. Idan ta yi yawa, za ku ga ya dunƙule yana wari, sai a ƙara ganye a juya.

Na taɓa lafta ta a tukunyar tumatir. Da ta bushe sai ta yi ɓawo, ina ban ruwa yana gangarewa gefe, ƙasan ciki kuwa a bushe ƙayau. In dole sai kun sa, ku barbaɗa kaɗan ku yamutsa da ƙasa. Wurin da aka shuka iri kuma ku bar shi, tana iya hana tsiro.

Ga warin firji, ku baza ta a faranti ta bushe sarai, sannan a sa a buɗaɗɗen kwano a ajiye cikin firjin. Ɗanya ba ta daɗewa take fumfuna.

Kada a zuba ta a magudanar wanke-wanke, toshewa take yi. A ɓoye ta daga kare da kyanwa, ragowar sinadarin kafeyin mai hana barci da ke ciki guba ne gare su.