Idan an turo hoton jarida an ce "a fassara" kawai

'Yan uwa masu fassara, kafin ku taɓa kalma ɗaya, ku fara gyara jerin karatu. Jiya aka turo mini hoton wani guntun shafi na tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ginshiƙi 3. Manhajar ciro rubutu daga hoto ta bi layukan a kwance, ta haɗa layin farko na ginshiƙi na 1 da na 2, sai ga maganar auduga ta faɗa cikin labarin makaranta.

Na yanka hoton gida 3, na ciro rubutun kowane ginshiƙi daban, daga sama zuwa ƙasa. Wurin da ya fi buƙatar lura shi ne mahaɗa: in ginshiƙi ya ƙare da "gwam-", na gaba dole ya fara da abin da zai cika kalmar, kamar "nati" ko "na". In ba haka ba, wani labari ne ya ratsa, galibi bayanin hoto ko talla, sai a ware shi.

Layin da ya yanke a hoton da aka turo kuwa, don Allah kada ku cike shi da hasashe. Na sa [an yanke] a wurin, na fassara abin da ido ya gani, na kuma shaida wa mai aikin layuka 2 na ƙasa sun ɓace, ko zai sake ɗauko hoton.